Dalilin Auna Baturan Litiyam da Ma'aunin Wh Maimakon mAh a Dokokin Sufurin Jirgin Sama

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dalilin da ya sa dokokin sufurin jirgin sama suka ƙayyade girman batirin litiyam na ajiya da ma'aunin Wh, alhali lambar mAh ce masu sayarwa suka fi bugawa a jikinsa. An nuna cewa mAh ita kaɗai ba ta bayyana yawan makamashin da ke cikin batir, kuma da makamashin ne ake ƙiyasta girman haɗarin gobara.

1.0 Gabatarwa

Batirin ajiya shi ne wanda fasinja ya ɗauko daban, ba a cikin na'ura ba, kuma fawa-banki na cajin waya yana cikin wannan rukuni. Ƙa'idojin hukumar ICAO da ƙungiyar IATA sun yarda a shiga jirgi da wanda bai wuce 100 Wh ba. Wanda ya haura haka zuwa 160 Wh sai da izinin kamfanin jirgin, kuma guda biyu kacal. Abin da ya zarce 160 Wh haramun ne a kayan fasinja. Ana riƙe su duka a jakar hannu, ba a jakar da ake aunawa a kai cikin jirgi ba, domin idan hayaƙi ya tashi ma'aikata su gani su kai ɗauki.

2.0 Bambancin Ma'aunan Biyu

Lambar mAh tana ƙirga yawan cajin da batir zai iya fitarwa. Lambar V, wato bolt, tana nuna ƙarfin da ke tura wannan caji. Ana iya kwatanta mAh da adadin takardun kuɗi, bolt kuwa da darajar kowace takarda. Wanda aka ce masa takardu goma ne a aljihu bai san ko nawa ne kuɗin ba, sai ya ji ko 'yan naira ɗari ne ko 'yan dubu. Jimillar kuɗin ita ce Wh, wato makamashi, kuma ga yadda ake fitar da ita:

Wh = (mAh × V) ÷ 1000

3.0 Misali a Aikace

Batir mai girma haɗakar ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana ba da kimanin 3.7 V. A ɗauki ƙwayoyi huɗu, kowace mai 5,000 mAh. Idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, cajinsu ne yake taruwa, a sami 20,000 mAh a kan 3.7 V, kamar yadda ake yi a fawa-banki. Idan kuma aka jera su kai da gindi, bolt ne yake taruwa, a sami 5,000 mAh a kan 14.8 V, kamar batirin wasu kyamarorin bidiyo. Lissafin kowanne yana ba da 74 Wh. Ƙwayoyin ba su ƙaru ba, abin da zai ci wuta bai ragu ba, amma lambar mAh ta ɗaya ta ninka ta ɗayan sau huɗu.

Illar dogaro da mAh tana fitowa fili idan aka ɗauki batirin kyamara mai 10,000 mAh a kan 14.8 V. A ido rabin wancan fawa-banki ne, amma lissafi ya ba da 148 Wh, wato ninkinsa biyu. Da doka ta bi mAh, da ta saki wannan da ya fi haɗari, ta tsare wancan.

4.0 Kuskure da Iyakar Ma'aunin

Kuskuren da aka fi yi shi ne ninka mAh da 5 V da ke rubuce a matsayin abin da fawa-banki ke fitarwa. Lambar mAh da ake tallatawa ta ƙwayoyin ciki ce, don haka da bolt ɗinsu za a ninka ta. Mai 27,000 mAh yana ba da 99.9 Wh a kan 3.7 V, yana cikin iyaka ke nan. Amma wanda ya yi lissafi da 5 V zai sami 135 Wh, ya zaci sai da izini. Abin dubawa na farko shi ne lambar Wh da ke jikin batirin, domin wanda rubutunsa ya goge ana iya hana shi shiga jirgi.

Ma'aunin Wh shi ma ƙiyasi ne. Idan ƙwaya ta huje ko bakunanta biyu suka haɗu ta hanyar ƙarfe, zafi yana haifar da ƙarin zafi har ya kama maƙwabtanta, kuma ruwan sinadarin ciki yana ci da wuta, ya ƙara a kan makamashin lantarkin. Haka nan Wh ba ta nuna lafiyar batir, shi ya sa doka ta buƙaci a rufe bakunansa da salatif ko a sa kowanne a jakarsa daban.

5.0 Kammalawa

An zaɓi Wh ne domin tana ɗora batura masu bolt daban-daban a kan sikeli ɗaya. Lambar mAh tana da amfani ne kawai wajen kwatanta batura biyu masu bolt iri ɗaya.