Zawon jariri: yadda ake shayarwa, ciyarwa da ba da zinki

A ce ɗanki ɗan wata takwas ya wayi gari da zawo, sau uku ko fiye yana tsuga ruwa-ruwa. Za ki ji ana cewa haƙori ne, ko kuma a ce nonon ne ya ɓaci. Ko ma mene ne, abin da ke kayar da yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki da yunwa.

Da farko, kada ki janye nono. Ki ƙara yawan ba shi, dare da rana, ki bar shi ya daɗe yana tsotso.

Na biyu, ki haɗa ruwan gishiri da sukari, wato ORS. Ki duba jikin fakitin: idan na lita ɗaya ne, leda biyu ta fiya wata ta yi daidai. Bayan kowane zawo ki ba shi rubu'i zuwa rabin babban kofi, da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, ki dakata minti 10, sannan ki ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 ki zubar, ki haɗa sabo.

Na uku, abinci. Tunda ya wuce wata shida, ki dama masa kunun gyaɗa mai kauri, ko ki murje ayaba ko dafaffen ƙwai. Ba zai ci da yawa ba, don haka ki riƙa ba shi kaɗan wajen sau shida a yini, ba tare da ɗure ba. Lemon kwalba kuwa ƙara zawo yake yi. Bayan ya warke, ki ƙara masa ci ɗaya kullum har mako biyu.

Sai zinki, inda iyaye mata suka fi yin sakaci. Awon da aka saba bayarwa shi ne ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum, na kwana 10 zuwa 14. Wanda bai kai wata shida ba, rabin ƙwaya. Ki tatsa nono a cokali, ki jefa ƙwayar ta narke, ki ba shi bayan ya ci wani abu, domin a cikin da babu komai takan tayar da zuciya. Zawon zai iya tsayawa a kwana na uku, amma kada ki ajiye sauran. Zinki yana taimaka wa hanji ya farfaɗo, kuma cika kwanakin ne ke rage dawowar zawo a wata biyu zuwa uku masu zuwa.

Kada ki sayo maganin tsayar da zawo a kemis da kanki. Idan kin ga jini a kashinsa, ko idanunsa sun zurma, maɗiga ta faɗa, ya kasa kama nono, yana aman duk abin da ya sha, ko jikinsa ya yi zafi, ki kai shi asibiti nan take, kina ba shi nono a hanya.