Yadda ake ɗora tambari a jikin riga ya zauna kamar bugawa aka yi

Kafin ka biya a buga riguna 50 na ƙungiyarku, gwada tambarin a hoto tukuna, domin in tawada ta hau yadi ba ta sauka. Ni da Photopea nake yi. A burauza yake aiki kuma kyauta ne, ɗalibi a ƙasar waje kuwa ba ya wasa da kyauta. Mai Photoshop ma hanyar ɗaya ce.

Hoto biyu kake buƙata: hoton rigar da za ka yi kwatance da shi, da tambarin a PNG marar bango. In JPG aka turo maka ta WhatsApp, zai zo da farin akwati a bayansa, don haka ka nemi na asali.

Buɗe hoton rigar, ka shigo da tambarin ta File > Open & Place. Wannan hanyar tana ajiye shi a matsayin Smart Object, wato ko ka rage shi ka sake ƙarawa ba zai dusashe ba.

Girma ne inda aka fi zamewa, saboda da ido ake yi. Ka auna. A ce faɗin ƙirjin rigar santimita 52 ne, a hoton kuma ya ci fiksel 1040. Kenan kowace santimita fiksel 20 ce. Tambarin gefen ƙirji mai santimita 9 zai zama fiksel 180 kacal. Zai yi maka ƙanƙanta a allo, amma haka zai fito a zahiri, kuma lambar da za ka ba mai bugawa ke nan. Wajen ja, ka tabbata tsawo da faɗi suna tafiya tare, kada da'ira ta koma ƙwai.

Yanzu zai yi kama da sitika da aka manna. Canza yanayin haɗi daga Normal zuwa Multiply, sai inuwa da lanƙwasar yadin su bayyana ta cikin tambarin. Ni nakan rage Opacity zuwa 90%. Sai dai Multiply duhu kawai yake ƙarawa: a farar riga ko jakar yadi ya yi daidai, amma farin tambari ɓacewa zai yi gaba ɗaya, a baƙar riga kuwa kusan komai zai nutse. A nan ka koma Normal, ko ka gwada Screen in tambarin fari ne.

Kofin shayi yana da ƙarin mataki tunda jikinsa zagaye ne. Shiga Edit > Transform > Warp, ka lanƙwasa saman tambarin da ƙasansa su bi lanƙwasar bakin kofin, ka ɗan matse gefuna biyun. In rubutun ya miƙe sambal alhali bakin kofin a lanƙwashe yake, ka koma ka gyara kafin ka tura wa mai bugawa.