Amsoshin Tambayoyinku: Uɗaridu ne ke hura wutar faɗanmu?

Tambaya: Daga Madarunfa nake rubuto maka. Shekararmu shida da aure, amma faɗa ɗaya muke ta maimaitawa ni da maigidana. In na yi magana sai ya yi gum, in na matsa sai ya ɗauki babur ya fita. Ƙanwata da ke karatu a Maraɗi ta duba mana a waya, ta ce Uɗariduna yana burujin Hamalu, nasa yana Jadyu, wai shi ya sa bakinmu ba ya zuwa ɗaya. A watan Afrilu aka haife ni, shi kuwa takardarsa 1 ga Janairu ta nuna. Shin haka za mu ƙare?

Amsa: Allah ya zaunar da ku lafiya. Bari in fara da abin da masu wannan lissafi ke nufi, don ki san abin da aka karanta miki.

Uɗaridu ita ce duniyar da ta fi kusa da rana, tana zagaye ta cikin kwana 88. Masu duban taurari sun ba ta sarautar harshe, rubutu da ciniki. A wurinsu, burujin da take ciki ranar da aka haifi mutum shi ke nuna salon maganarsa. Burujai goma sha biyu ne, an kasa su gida huɗu: wuta, ƙasa, iska da ruwa. Hamalu na wuta ne, don haka sai su ce mai Uɗaridu a can yana da saurin baki, ba ya kwana da magana a ciki. Jadyu na ƙasa ne, mai shi wai sai ya auna kafin ya furta, kuma ba ya son a matsa masa. Tsakanin burujan nan biyu akwai tazarar daraja 90, wadda littattafan Larabci ke kira tarbi'i, suna ɗaukar ta alamar saɓani. Abin da wayar ta gaya wa ƙanwarki ke nan. Kuma wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu mai yawa a kan taurari, kuma har gobe akwai masu yi wa ma'aurata hisabi da sunan mutum da na mahaifiyarsa.

To, akwai tangarɗa tun daga tushe. Kin fi ni sanin cewa a Nijar mutane da yawa ba a yi musu takarda ranar haihuwa ba, sai daga baya, aka rubuta 1 ga Janairu don cike gurbi. Uɗaridu ba ta nisantar rana fiye da daraja 28 a idon mai kallo daga ƙasa. Ranar 1 ga Janairu, a lissafin da yawancin manhajojin waya ke bi, rana tana Jadyu, saboda haka Uɗaridu ba ta wuce Ƙausu, Jadyu ko Dalwu. Duk wanda aka ba wannan kwanan wata, cikin ukun nan zai faɗa, ko da kuwa da damina aka haife shi. Ki tambayi surukarki: in ta ce miki ana noman fari ta haife shi, to lissafin ya rushe gaba ɗaya.

Ko da ranar ta tabbata, an gwada maganar ba ta tsaya ba. A 2007 David Voas na Jami'ar Manchester ya duba ma'aurata kimanin miliyan 10 daga ƙidayar Ingila da Wales ta 2001, bai ga alamar buruji na da hannu a wa ke auren wa ba. Burujin rana ya duba, amma tunda Uɗaridu tana maƙale da rana, da tana da tasiri mai ƙarfi da an ga ɓurɓushinsa. Malaman addini ma sun raba abin biyu: lura da taurari don sanin alƙibla da lokacin shuka halal ne, jingina musu hali da rabon mutum kuwa sun hana.

Me ya sa bayanin ya yi daidai da gidanki? Saboda faɗan da kika kwatanta yana cikin waɗanda suka fi yawa tsakanin miji da mata a ko'ina. Masu binciken zaman aure sun daɗe da gano shi: ɗaya na matsawa, ɗaya na janyewa, kowa kuma yana ƙara tunzura ɗan'uwansa. Mu ɗauki misali. Maigida ya dawo daga kasuwar Maraɗi bayan magariba, ƙura har gira, bai ko ajiye hula ba. Ke kuwa tun hantsi kike dakon sa, don jika biyun da ya bari ba ta kai ko'ina ba. Sai ki ce, "Kullum haka kake, ba ruwanka da mu." Kin so ki ce kuɗin cefane bai isa ba, shi kuwa abin da ya ji shi ne ya kasa riƙe gidansa, ga yara na saurare. Sai ya yi shiru don kada ya faɗi wadda za a yi da-na-sani. Ke kuma shirun nan raini kika ɗauke shi, sai murya ta ƙara sama, sai ya fita. Gobe maganar cefane tana nan, an ƙara mata haushin jiya.

John Gottman, wanda ya yi shekaru yana nazarin ma'aurata a Jami'ar Washington, ya lura cewa yadda aka buɗe magana shi ke yawan nuna yadda za ta ƙare. Ya kuma ga cewa in bugun zuciya ya haura 100 a minti, mutum ba ya iya saurare da kyau, yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko.

Don haka ki canza lokaci da mabuɗi. Ki bari ya ci abinci, an yi isha'i, yara sun kwanta. Ki kawo magana ɗaya tak, da adadinta: "Maigida, jika biyun nan ba ta kaiwa la'asar, ga abin da na saya. Yaya za mu yi?" Ki ajiye "kullum" da "ba ka taɓa", domin suna mai da ƙorafi zargi. Shi ma akwai nasa, kuma ina so ki nuna masa wannan amsa. Malam, in ranka ya ɓaci kana da damar fita, amma ka faɗi lokacin dawowa kan maganar: "Bari in huce, mu ƙarasa bayan sallar asuba." Kuma ka cika. Shirun da ba shi da wa'adi shi ke sa mace ta ɗaga murya.

Za ku gane ana samun sauƙi in faɗan ya gajarta, kuma aka fara rufe magana da matsaya. In kun yi wata guda ba canji, ku bi abin da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta nuna: dattijo ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki. In kuwa abin ya kai ga duka, zagin iyaye ko hana abinci, ya wuce matsalar salon magana, ki sanar da waliyyinki ba tare da jinkiri ba.

Ƴar'uwa, ba haka aka rubuta za ku ƙare ba. Salon magana koyon sa ake yi a gidan da mutum ya tashi, kuma ana iya gyara shi. Ku gwada, ki sake rubuto mana yadda ta kaya. Allah ya ba ku haƙuri da juna.