Ƙirji ko Cinya: Ina Kitsen Kaza Yake Taruwa?

Kaza ɗaya ce, amma sassanta ba su yi daidai ba wajen yawan kuzarin da suke ba jiki, wanda ake aunawa da kalori. Dalili kuwa shi ne kitse. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, alhali na furotin 4 kawai yake bayarwa. Kitsen kaza ya fi taruwa a jikin fata, kuma tsokar cinya ta fi ta ƙirji maiƙo.

A giram 100 na gasasshen naman kazar gidan gona, ƙirji marar fata yana da kalori kimanin 165. In an bar masa fatarsa, sai ya kusa 200. Cinya marar fata tana tsakanin 180 da 210, mai fata kuwa kimanin 240.

A ɗauka ɗalibai biyu sun ci giram 150 kowannensu. Mai ƙirji marar fata ya sami kalori kimanin 250, mai cinya da fatarta kuwa 360. Tazarar ta kai 110, kusan abin da ke cikin babban cokali ɗaya na man gyaɗa.

Sai dai a kula: tsoka ake aunawa, ban da ƙashi. Suya kuma tana ƙara adadin, domin fata tana riƙe mai.