Inda Kyamara Za Ta Tsaya Idan An Ta da Salla

A aikinmu na ɗaukar bidiyo, mai salla ne kaɗai mutumin da ba ya iya cewa "kada ka ɗauke ni". Da zarar ya yi kabbara, ba ya magana, ba ya waiwaye, don haka nauyin kare shi yana wuyan mai kyamara. Abin ya fi tsanani a yankin Gidan Rumji, inda tun 2019 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka samu mafaka a wurare kamar Cadakori da Garin Kaka. Wanda ya tsere wa 'yan bindiga, fuskarsa a bidiyon da ke yawo a waya tana iya nuna inda ya ɓuya.

Mu ɗauki sallar idi a fili, ko a Agie ko a Gazawa. Alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata arewa. Duk wanda ya tsaya gaban sahu yana neman fuskoki, ya shiga tsakanin masallata da alƙiblarsu, ya raba musu hankali. Wurin tsayawa shi ne bayan sahun maza na ƙarshe, ta gefe guda, a kafa kyamara tun kafin a ta da salla. Hantsi yana gabanka, sai mutane su fito kamar inuwa, ana ganin huluna da tsawon sahu ba a gane kowa. Rage hasken kyamara kawai, kada sama ta yi fari fat. Amma bayan ma yana da tarkonsa. Ruku'u da sujada daga baya ba su da kyan gani, kuma babu dattijon da zai so a nuna shi haka. A ɗauki tsayuwa da zaman tahiya, a yanke kafin ruku'u, a kuma yanke kafin sallama, domin a nan ne fuskoki ke juyowa. Giɓin da ya rage a cike shi da takalma a bakin fili, da hannu kan buta wajen alwala, da sautin kabbara. Sahun mata kuwa, namiji ya bar shi.

Abokan aiki kan ce ai liman ko mai gari ya ba da izini. Izininsa na wuri ne, shi ke faɗin ko a shiga masallaci da inda ba a takawa, amma ba shi da iko da fuskar wani. Wasu kuma su ce za a dushe fuskoki wajen tacewa. To, asalin hoton yana nan a kati da waya, kuma sau da yawa shi ke riga tataccen fita. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce, a fuska ake ganin natsuwar ibada. Gaskiya ne. Sai a jira a idar, a sami mutum a gefe, a gaya masa inda bidiyon zai tafi, in ya yarda a ɗauke shi yana magana da bakinsa.