Mun biya dala dubu biyar, amma bashin bai ragu ba

Ni akawu ne a wani ƙaramin kamfanin gyaran shinkafa a Wurno. Muna sayen shanshera daga manoman fadamarmu da na Goronyo, mu gyara, mu kai kasuwannin Rabah da Sakkwato. A watan Afrilun 2024 wani ɗan kasuwa ya ranta mana dala 20,000 ba ruwa, muka sayi sabon inji, da sharaɗin dala za mu maido masa. Canji a ranar naira 1,150 ne, sai na rubuta bashin miliyan 23. A Satumba muka biya dala 5,000 a kan 1,600, wato miliyan 8, na cire, saura miliyan 15. Yanzu mai binciken asusu ya ƙi sa hannu a lissafin shekara, ya ce bashin ya haura miliyan 23. Alhajinmu ya ce ko kwabo bai ɓata ba, kuma masu hannun jari suna jiran rabon riba. Ina gaskiyar take?

Akawu, Wurno

Malam Akawu: Mai binciken yana kan daidai. Abin da ke wuyanku dala 15,000 ne, ba naira miliyan 15 ba. Ƙa'idar IAS 21, wadda kamfanonin Nijeriya ke bi, ta ce duk bashin da za a biya da kuɗin waje a sake auna shi da canjin ranar rufe littafi, bambancin ya shiga lissafin riba da asara na wannan shekarar.

Mu fara da biyan Satumba, don nan lissafin ya karkace. Dala 5,000 ɗin da kuka biya tana zaune a littafinka a kan 1,150, wato naira 5,750,000. Iyakar abin da ya kamata ka rage daga bashin ke nan. Amma miliyan 8 ta fita daga asusunku, saboda haka ragowar 2,250,000 asarar canji ce wadda ta riga ta tabbata. Da ka zuba miliyan 8 gaba ɗaya a kan bashin, sai asarar ta ɓuya a ciki.

Sai ranar 31 ga Disambar 2024. A kasuwar hukuma dala ta rufe shekara a wajen naira 1,535. Dala 15,000 a wannan farashi naira 23,025,000 ce, alhali a tsohon canji 17,250,000 ce. Bambancin 5,775,000 ma asara ce, ko da yake ba ku biya ta ba tukuna. Haɗa biyun, ka sami 8,025,000. Ga yadda za ka tabbatar: cire miliyan 15 ɗinka daga 23,025,000, adadin da zai fito shi ne dai 8,025,000. Gyaran shigarwa ɗaya ce: ka rubuta wannan adadi a gefen debit na asusun asarar canji, ka rubuta shi a gefen kiredit na asusun bashin.

Kada ka ɗora asarar a kan kuɗin injin. Inji ba kuɗi ba ne da za a karɓa ko a biya, don haka yana nan a miliyan 23 ɗin ranar saye, a kanta kake lissafin raguwar darajarsa.

Maganar Alhaji kuwa, na fahimce ta, domin bai ga kuɗi sun fita ba. Ka tambaye shi cikin ladabi: da mai bashi ya ƙwanƙwasa ƙofa ran 31 ga Disamba, naira nawa za a kai wa ɗan canji? Wannan adadin shi ne bashin. Manya ma ba su tsira ba: MTN Nijeriya ta rubuta asarar canji ta kimanin naira biliyan 740 a 2023, shekarar da Babban Banki ya sakar wa naira mara a watan Yuni. Abin da ya fi damuna rabon ribar nan ne. Idan aka raba kafin gyara, miliyan takwas daga abin da kuke kira riba haƙƙin mai bashi ne, kuma ranar biya kuɗin sayen shanshera za a taɓa.

Idan naira ta farfaɗo, shigarwar juyawa take yi. A ce shekarar da ke biye an rufe a 1,450 ba ku ƙara biyan komai ba: bashin zai koma 21,750,000, ka rage shi da 1,275,000, ka rubuta ribar canji. Ka lura, da canjin rufewar bara ake gwadawa, 1,150 ta gama aikinta. Ita ma wannan riba ba tsabar kuɗi ba ce da za a raba.

Game da farashin da za ka ɗauka, ka yi amfani da wanda da shi za ku iya samun dala ku biya a ranar, ku daidaita da mai binciken, ka adana shaidarsa, kada ka riƙa sauya majiya. Daga yau kuma ka ja layi uku a shafin bashin: dala, canji, naira. Duk ƙarshen wata ka ninka ragowar dala da canjin ranar, ka kai wa Alhaji adadin kafin a yi maganar fitar da kuɗi.