Amsar Tambaya: Gabatar da Baƙo Mai Jawabi

Malama mai tambaya, minti ɗaya ya ishe ki. Tun kafin ranar taron, ki kira baƙon ki tambaye shi yadda ake faɗin sunansa da muƙamin da yake riƙe da shi yanzu, domin takardar gayyata kan ɗauko tsohon muƙami. Kada ki karanto tarihin karatunsa tun daga firamare, mutane hamma za su fara. Ki ɗauki aiki ɗaya da ya shafi taron. A ce bitar ungozomomi ce: “Baƙuwarmu ta daɗe tana karɓar haihuwa a asibitocin karkara, yau za ta nuna mana yadda ake gane zubar jini mai haɗari.” Sai ki ambaci sunanta a ƙarshe, ki miƙa mata makirufo, ki koma kujerarki.